Takardar tallar shagon wanki: ta faɗi abu ɗaya, ta nemi abu ɗaya

Tambaya: "Malam, ina da shagon wanki da guga a cikin unguwa a Kano, ba nisa da bakin titi. Na buga takardar talla 500, gaba da baya. Na sa sallama da godiya, tarihin shagon, wanki, guga, sitati, wankin bargo da kafet da labule da hula, cajin waya, lemo mai sanyi, lambobin waya uku, sai na rufe da 'farashi mai rahusa, sai kun zo'. Yara sun rabar da ita duka, amma ban ga wanda ya zo dominta ba. Kala ɗaya N700 nake karɓa. Ina so in sake bugawa, me zan gyara?"

Ɗan'uwa, kada ka koma wurin mai bugawa tukuna. Aikin da ke gabanka na biro ne da farar takarda, kuma yawancinsa gogewa ne.

Fara da tunanin mutumin da ake miƙa wa takardar. Tafiya yake yi, hannu ɗaya riƙe da waya ko leda, hankalinsa na kan babur ɗin da ke tahowa bayansa. Kallo ɗaya zai yi mata yana cikin tafiya, kuma a wannan kallon ne zai yanke hukuncin ko ta shiga aljihu ko ta faɗi ƙasa. Abin da idonsa zai iya ɗauka a nan bai wuce layi ɗaya manya da adadin kuɗi ɗaya ba. Idan layin da ya fara gani gaisuwa ce ko sunan shago, bai ga abin da ya shafe shi ba. Idan jerin ayyuka goma ya gani, sai ya zama shi ne zai tsaya ya tantance wanne ne nasa, kuma mai wucewa ba ya yi wa kowa wannan wahalar. Ka lura da kamasho a tasha. Motar da za ta Kaduna za ta bi garuruwa da yawa a hanya, amma gari ɗaya yake kira da ƙarfi, kuma wanda zai sauka a hanya shi ma yakan zo ya tambaya. Haka takardarka za ta yi, ta kira abu ɗaya. Wanda ya shigo shagon da kaftaninsa zai ga firij ɗin lemo da idonsa, zai ga bargon da aka shanya, ba sai takarda ta gaya masa ba.

To wanne za a kira? Nan ne masu shago suka fi wahala, domin kowane aiki nasu ne kuma kowanne suna so a sani. Ni dai abin da nake dubawa shi ne aikin da mutum yake buƙata a kai a kai, wanda zai iya kawowa da hannunsa, wanda kuma farashinsa bai da ja-in-ja. Kafet ba ya cikin wannan. Mutum kan wanke shi jefi-jefi, sai an nemo abin ɗauka, kuma kuɗinsa ya danganta da girmansa, ba za ka iya rubuta adadi ɗaya ba. Cajin waya da lemo ba sa buƙatar takarda, wanda ke kusa ne kawai zai saya. Wanda ya rage shi ne wanki da gugar kayan sawa na maza, riga da wando. Duk mako suna datti, suna shiga leda ɗaya, kuma wanda ya ji daɗin aikinka sau ɗaya zai riƙa dawowa ba tare da ka sake kashe ko kwabo a kansa ba.

Amma "muna wanki da guga" ba tayi ba ne. Sanarwa ce, kuma duk mai wanki a unguwar zai iya faɗin haka. Tayi sai ya amsa wa mutum me zai samu, nawa zai biya, da yaushe zai karɓa. Kalmomi irin su "rahusa", "inganci", "gamsuwa", "aiki na zamani" ba sa amsa ko ɗaya. Hanyar gane su mai sauƙi ce: idan maƙwabcinka mai irin sana'ar zai iya ɗaukar jimlar ya sa a tasa takardar ba tare da ya canza komai ba, goge ta. "Rahusa" kuwa har tsoro take ba wasu, don mutum ba ya son ya kwaso kayansa ya zo ƙofar shago sannan ya ji kuɗin ya fi ƙarfinsa, ya juya da kunya. Adadin da aka rubuta ƙuru-ƙuru yana ɗauke masa wannan fargabar tun yana gida.

Akwai abin da na fi so ka tsaya a kansa, domin shi ne zai bambanta ka da sauran. Ka tambayi kanka me ya fi ɓata wa mutane rai da masu wanki. A ganina ba kuɗi ba ne, saɓa alkawari ne. A ce wa mutum ya zo gobe, ya zo, a ce ba wuta, ko kayan ba su bushe ba, ko yaro bai zo ba, ga shi da safe zai fita ko Juma'a ta gabato. Saboda haka babban layin takardarka lokaci ya kamata ya ɗauka, ragi ya biyo baya. Mazan Kano da yawa suna son fita masallacin Juma'a da kaya masu ƙarin guga. Idan ka ce "Kawo Laraba, karɓi Alhamis", ka taɓa wata buƙata da mutum ya riga ya sani a ransa, kuma ka ba shi ranar da zai motsa. Wannan layin ya fi "muna maraba da ku" aiki nesa ba kusa ba, sharaɗinsa ɗaya ne kawai, ya kasance gaskiya. Zan dawo kan wannan.

Yanzu ragin. Kada ka rubuta shi da kaso cikin ɗari, don ba wanda zai tsaya a titi yana lissafi. Rubuta kuɗin da zai fita daga aljihunsa. Kala 3 a farashinka N2,100 ne. A ce ka mayar da shi N1,800. Na zaɓi kala uku ne saboda ragi a kan kala ɗaya zai jawo maka masu kawo riga ɗaya tal, wahala da yawa riba kaɗan, kala biyar kuma ya yi wa baƙon da bai san aikinka ba yawa, ba zai damƙa maka rabin kayansa a karon farko ba. Kafin ka amince da N1,800 ɗin, ka yi lissafin da zan yi maka a nan da naka alƙaluman, domin nawa misali ne. A ce sabulu, ruwa, sitati, gawayi ko wuta, leda da ladan yaro suna cin N400 a kowace kala. Kala uku N1,200 ke nan. Da kana samun N900 a kansu, yanzu N600 za ka samu. Ribar ta ragu amma tana nan. Idan lissafinka ya nuna ragin ya cinye ribar duka, rage shi, ko ka bar farashin yadda yake ka ƙara wani abu mai araha a wurinka mai daraja a wurinsa, kamar wankin hula ɗaya kyauta. Tayin da ke jawo asara, ranar da ya yi nasara ita ce ranar da za ka fi shan wuya.

Sai babban batu, wato abin da kake so ya yi. Tsohuwar takardar ta bar shi da zaɓi huɗu, ko ya kira ɗaya daga lambobi uku ko ya zo, kuma ba ta ce masa ya zo da me ko yaushe ba. "Sai kun zo" sallama ce. Mutum kan karanta ta ya ce to, ya wuce. Umarni ɗaya ake so, da fi'ili a gabansa, wanda yaro ma zai iya maimaitawa.

Zaɓen umarnin yana buƙatar tunani, domin mai wucewa ba ya tafe da kayan wanki a hannu. Ba zai iya amsa tayinka nan take ba ko da yana so. Dole takardar ta bi shi gida, ta kwana, sannan ta dawo da shi. Hanyoyi biyu ne suke yiwuwa. Ko dai ya turo saƙo a je a karɓo kayan, ko ya kawo da kansa. Ta farko tana da daɗi ga mai kaya, amma tana buƙatar keke ko babur da yaron da zai bi gidaje da kwatance, da wanda zai zauna kan waya. Idan ba ka da su, kada ka yi alkawarinta. Tunda shagonka a cikin unguwa yake kuma mutanen da kake nema a ƙafa za su iso, ta biyun ce taka: "Zo da kayanka da wannan takardar." Sa takardar cikin sharaɗi yana yin ayyuka biyu. Yana ba mutum dalilin ajiye ta, don ta zama kamar N300 a aljihunsa, kuma yana ba ka damar ƙirga mutum nawa ta kawo. A bugun farko ka ce ba ka ga wanda ya zo dominta ba, amma ko da wani ya zo babu yadda za a yi ka sani.

Lambar waya fa? Bar guda ɗaya, ƙarama, a ƙasa, saboda wanda ya ɓata hanya. Ta zama wadda kullum take kunne kuma take hannun wanda ke shagon. Raba lambobi 11 ɗin gida uku, huɗu da uku da huɗu, yadda ido zai iya kwafa. Kada ka sa "kira mu yanzu" a gefenta, don da ka sa ka mayar da umarnin biyu. Alamar QR da wasu masu zane ke son liƙawa ba ta da aiki a nan, mutumin da shagonka ke bayan layinsu ƙafa zai taka. Ranar da ka samu babur ka fara karɓo kaya a gida, sai a yi sabuwar takarda wadda umarninta shi ne a turo saƙo ta WhatsApp, a lokacin sai a cire "zo da kayanka" gaba ɗaya.

Ga yadda takardar za ta kasance, daga sama zuwa ƙasa:

Kawo Laraba, karɓi Alhamis
Wanki, sitati da guga
Kala 3: N1,800
(maimakon N2,100)
Zo da kayanka da wannan takardar kafin 12 na ranar Laraba
Layi na biyu bayan masallacin Juma'a, shago mai koriyar ƙofa
Kala ɗaya: riga da wando. Ban da babbar riga. Ragin zai ƙare Laraba 25 ga Nuwamba.
Sunan shago da lambar waya

Ka canza kwatancen da ranar zuwa naka. Dubi inda sunan shagon ya koma, can ƙasa. Na san wannan yana sosa ran mai shago, amma baƙo bai san sunan ba, kuma sunan ba ya gaya masa komai sai bayan ya yanke shawarar zuwa. Kwatance ya fi lambar shago ko sunan titi amfani a yawancin unguwanninmu, domin da masallaci, makaranta, gidan mai ko taransifoma mutane ke gane wuri. Zaɓi alama ɗaya da kowa ya sani, ka ƙara da abu ɗaya da ido zai gani a ƙofarka. Alama uku a jere ruɗa mutum suke yi.

Ƙananan layukan nan na ƙasa su ne ke hana rigima a ƙofar shago. Idan ba ka fayyace me kake nufi da kala ba, wani zai zo da babbar riga da 'yar ciki da wando ya ce kala ɗaya ce, kuma yana da gaskiya a yadda ake magana. Ka ƙi, ya tafi yana cewa takardarka yaudara ce. Ka karɓa, ka yi aikin kala biyu a kuɗin ɗaya. Ƙarfe 12 ɗin ma haka. Ba tare da shi ba za a kawo maka kaya bayan isha'in Laraba a ce ana so Alhamis, alhali ranar da za ta busar da su ta riga ta faɗi. Ranar ƙarewar ragi kuma a rubuta ta da kwanan wata, kada a ce "wannan makon" ko "na ɗan lokaci", domin takarda kan daɗe a aljihu kuma ba ta san wane mako ake ciki ba. Idan ranar ta cika ka tsayar da ragin da gaske. Unguwa ƙarama ce, da zarar an gane ranar ƙarewarka ba ta ƙarewa, ba wanda zai sake gaggawa saboda ita.

Wani abu da nake roƙon duk wanda ya kawo mini irin wannan aikin shi ne kada a buga aya ko sunan Allah a kan takardar da za a raba a titi. Ko tallar ta yi kyau yaya, mafi yawan takardun a ƙasa za su ƙare, a taka su, iska ta kai su kwata. Ka yi bisimillarka lokacin da za ka fara aikin, takardar kuma a bar ta ta kasuwa zalla.

Batun harshe gajere ne. Rubuta da Hausar da ake yi a layinku, harshe ɗaya. Hausa da Turanci a gefe da gefe suna ninka rubutu, su tilasta a ƙanƙanta haruffa. Kuma a rubuta kuɗi da rana da alƙalami, don wanda karatun boko ke yi wa nauyi ma yana gane N1,800 da kallo ɗaya.

Yanzu sai wurin mai bugawa. Ka nemi girman A6, wato milimita 105 a faɗi da 148 a tsawo, kwatankwacin tafin hannu. Takardar A4 ɗaya tana ba da guda huɗu, don haka A4 guda 125 sun ishe ka 500. Tana shiga aljihun gaban riga ba sai an ninke ta ba, kuma ƙanƙantarta za ta hana ka sake cusa abubuwan da ka goge. Gefe ɗaya kawai za a buga, bayan a bar shi fari, za ka ga amfaninsa. Ka ce wa mai zanen ya sa babban layin a girman 26 zuwa 28 mai kauri, a raba shi layi biyu, kuɗin ya fi shi girma, wajen 40, layin umarni 14, ƙananan kuma kada su gaza 10. A bar filin da bai gaza milimita 5 ba a kowane gefe, domin wuƙar yanka ba ta bin layi daidai, takan ci harafin da ya matso baki. Idan fotokwafi za a yi, a guji hoto da baƙin bango. Hoton tarin kaya masu guga da ya yi kyau a fuskar kwamfuta, a fotokwafi dunƙulen baƙi yake zama, farin rubutu a kan baƙin bango kuma yakan toshe idan tawada ta yi yawa. Baƙin rubutu a kan farar takarda ko ruwan ɗorawa ya wadatar. Takardar yau da kullum mai nauyin giram 80 ta fi mai sheƙi dacewa da kai, ta fi araha, kuma biro na kama ta.

Ka tsaya a kansa ya buga guda ɗaya tak, a yanke ta, ka riƙe a hannu kafin a saki sauran. Duba haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin salon rubutu na ado ba su da su, sai ka ga "karɓi" ta fito da ɗan akwati a tsakiya, ko harafin ya fito da wata siffa daban da 'yan'uwansa. Arial da Tahoma na kwamfutocin yanzu suna da su. Idan da CorelDRAW ya yi zanen kuma a wata kwamfutar za a buga, ya mayar da rubutun ya koma zane da Ctrl+Q ko ya fitar da shi a PDF, don kada haruffan su canza a hanya. Lambar wayar kuma ka kira ta daga kan takardar, kana karantowa ɗaya bayan ɗaya, ka ji wayar shago ta yi ƙara.

Da wannan guda ɗayan za ka yi gwajin da ya fi komai amfani. Nemi mutum biyar da ba su san shirinka ba, kamar mai shayi, ɗan acaɓa, ɗalibi, wani dattijo. Kada ka nemi abokanka, yabo za su yi. Miƙa wa kowanne, ka ƙirga biyar a ranka, ka karɓe. Sannan ka tambaye shi me ake tallatawa, nawa ne, kuma me aka ce ya yi. Kada ka tambaye shi ko ta yi kyau. Inda aka yi tuntuɓe nan ne gyara yake. Idan sun faɗi aikin da kuɗin amma sun rasa ta ukun, layin umarni ya yi ƙanƙanta ko ya nutse cikin sauran. Idan dattijon ya nisanta takardar daga fuskarsa yana ƙanƙance ido, ƙara girman rubutun ka rage kalmomi.

Rabon ma yana cikin tayin, kuma ina zargin nan ma an yi asara a karon farko. Yaron da aka ba dami aka ce za a biya shi idan ya ƙare, ƙarewar ce damuwarsa. Zai ba mutum ɗaya uku, ya ba yara 'yan'uwansa, sauran su shiga kwata. Gara kai da kanka ko yaron shagon da ya san aikin ku tsaya, ana miƙawa ana faɗin layin da baki: "Wanki da guga ne Alhaji, kawo Laraba ka karɓa Alhamis." Wanda bai miƙo hannu ba a bar shi. Wa za a ba? Samari da magidanta masu sanye da irin kayan da kake wankewa, 'yan kasuwa da ma'aikata masu dawowa gida. Lokacin kuwa Litinin da Talata da yamma, tsakanin la'asar da magariba, a bakin hanyar da ke shiga unguwa. Dalili shi ne mai komawa gida yana kai takardar inda kayan dattin suke, kuma Laraba na gabansa. Wanda aka ba da safe yana fita, takardar za ta yini a aljihu cikin gumi da canji. Taron Juma'a yana da jan hankali saboda yawan jama'a, amma daga Juma'a zuwa Laraba kwana biyar ne na mantuwa, ga shi da yawansu daga wasu unguwanni suke.

Kada kuma ka saki 500 ɗin a mako ɗaya. Nan alkawarin Alhamis ya shigo. Ka san kala nawa shagonka zai iya wankewa, ya busar, ya goge daga azahar ɗin Laraba zuwa yammacin Alhamis, bayan kayan tsofaffin abokan cinikinka. A ce kala 30 ne. Mutum 10 ke nan, kowanne da kala uku. Idan mutum 20 suka zo a Laraba ɗaya, goma za su tafi da labarin ka saɓa alkawari, kuma takardar da ka biya kuɗi ka buga ita ce shaidarsu. Raba kamar 120 a mako, ka ga nawa suka dawo, sannan ka ƙara ko ka rage. Lissafa ƙarfinka a kan ranar da babu wuta, da dutsen gawayi, don ita ce za ta gwada ka. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta da hadari kan yini a sama, kwana ɗaya ba ya tabbata ga kaya masu sitati. A lokacin layin ya koma "Kawo Talata, karɓi Alhamis". Ƙofar shagon ma ta faɗi abin da takardar ta faɗa. A rubuta layin nan da kuɗin a kan allo ko kwali a rataye, don wanda ya biyo kwatance ya san ya iso, kuma duk wanda ke tsaron shagon ya san tayin da sharuɗɗansa. Ba abin da ke kashe talla kamar mutum ya miƙa takarda a ce masa "bari mai shagon ya dawo".

Bayan takardar da aka bari fari, ga aikinsa. Kafin rabo, sa wa kowane dami alama da biro, misali digo ɗaya ga na bakin titi, digo biyu ga na wajen masu shayi. Duk wadda ta dawo, rubuta kwanan wata a bayanta da ko mai ita sabo ne ko tsohon abokin ciniki, ka jefa a gwangwani. Wannan bambancin yana da muhimmanci. Tsohon da ya zo da takarda bai ƙara maka komai ba, N300 ma ya rage maka. Ka ba shi ragin da fara'a, haƙƙinsa ne tunda takardar ba ta ware shi ba, amma kada ka ƙirga shi cikin nasara.

Sai lissafin ƙarshen wata. A ce fotokwafin A4 ɗaya N50 ne, guda 125 sun kama N6,250, zane da yanka N1,750, jimla N8,000. Da ribar N600 a kan kowane sabon mutum, kana buƙatar mutum 14 kafin kuɗin bugun ya dawo, wato ƙasa da uku cikin kowane ɗari da aka ba. Idan ka samu 8 kawai, kada ka yi saurin cewa an faɗi. Duba nawa ne cikinsu suka sake dawowa ba tare da takarda ba. Mutum ɗaya da ke kawo kala uku sau biyu a wata a cikakken farashi yana bar maka N1,800 duk wata, biyar irinsa sun biya bugun a wata guda.

Idan abin bai yi yadda ake so ba, yadda ya gaza yana nuna inda ciwon yake. Ka bi hanyar da aka yi rabo bayan rabin sa'a. Takardu a zube 'yan taku kaɗan daga inda aka tsaya suna nufin babban layin bai kama ba, ko ba mutanen da suka dace ake ba ba. Ba a zubar ba amma ba a zo ba, to matsalar tana wajen lokaci, wataƙila ƙarfe 12 na Laraba ya yi wa mai fita aiki da sassafe wuya, sai ka buɗe da wuri ko ka ce a kawo tun daren Talata. Yawan kiran "ina ne shagon?" laifin kwatance ne. Yawan gardama a ƙofa laifin ƙananan layuka ne. Mutane sun zo sau ɗaya ba su dawo ba, wannan kuma ya fita daga hannun takarda, sai a duba gugar da sitatin da cika alkawarin.

A bugu na gaba canza abu ɗaya kawai, ko layin sama, ko ragin, ko wurin rabo, don ka san wanne ne ya yi tasiri. Bargo da kafet da labule kuma a yi musu tasu takardar daban idan sanyi ya gabato, da nata kuɗin da nata umarnin, a riƙa sa ta cikin ledar kayan wanda ya zo karɓa ranar Alhamis.